Kundin aiki: mayar da silaid ɗin bitar 'yan kasuwa darasin 'yan sakandare a Agege

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Abin da ke hannunmu silaid 46 ne na bitar kare kai daga damfarar waya da ta banki. An tsara su da Hausa domin manya, 'yan tumatur da albasa na kasuwar Mile 12 da 'yan shanu na Agege, kuma ana gabatar da su cikin awa uku har da hutun salla. Yanzu ana son a kai darasin gaban yaran Hausawa da ke karatu a sakandaren Agege da Idi-Araba, daga aji biyu na ƙaramar sakandare zuwa aji uku na babba. Lokacin da makaranta za ta bayar darasi ɗaya ne, minti 40. Idan aka cire na zama da gaisuwa da haɗa majigi, abin da ya rage bai wuce minti 33 ba. Idan kowane silaid zai ci minti biyu da ɗan abin da ya ɗora, goma sha huɗu ke nan, ba ƙari.

Mun buga duka a takarda, silaid shida a kowane shafi, muka bi su da biro kala uku. Ja na abin da bai shafi yaro ba: sulhunta lissafin POS da yamma, takardar ƙorafi zuwa banki, alat ɗin ƙarya da ake nuna wa mai kaya. Kore na abin da ya shafe shi kai tsaye. Shuɗi na abin da ya shafe shi ta hannun iyayensa. Da aka ƙirga, ja 21, kore 8, shuɗi 17. Wannan shuɗin shi ne aikin. Yaron aji biyu yawanci ba shi da asusun banki, amma shi ake miƙa wa waya a ce, “Zo ka duba mini wannan saƙon, me suka ce?” Saƙon banki da Turanci yake zuwa, kuma a gidaje da dama ɗan makaranta ne mai karanta shi.

Asabar, 18 ga Janairu

Kafin a taɓa jimla ko ɗaya, mun zauna da yara goma sha biyu, shida 'yan ƙaramar sakandare, shida 'yan babba, rabi maza rabi mata, da izinin iyayensu. Kowa ya karanta tsofaffin silaid uku da murya, mu kuma muna sa alama a kwafinmu duk inda ya tsaya, ko ya maimaita, ko ya tsallake kalma.

Abin da ya fito fili shi ne yaran nan suna jin Hausa sarai amma ba su saba karanta ta ba. A Legas aka haifi yawancinsu. Hausa a gida da Islamiyya, Yarbanci da Burokan a titi, Turanci a aji. Harshen gida da makarantun jihar suke koyarwa Yarbanci ne, don haka da yawa daga cikinsu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu rubutun boko na Hausa. Yarinyar da ta karanta sakin layi na Turanci ba gargada sai ga ta tana bin “hada-hadar kuɗi” gaɓa-gaɓa. Da aka faɗa mata da baki, nan take ta gane. Saboda haka sauƙaƙawar da muke bukata iri biyu ce, kuma kada a cakuɗa su: abin da ido zai karanta a bango dole ya gajarta sosai, abin da kunne zai ji daga bakin mai gabatarwa yana iya zama cikakkiyar Hausa. Mun yanke cewa bayani zai koma akwatin Notes da ke ƙarƙashin kowane silaid, bango kuma ya ɗauki abin da yaro zai iya karantawa cikin daƙiƙa goma.

Wani ya kawo shawarar a auna wahalar rubutun da ma'aunin Flesch-Kincaid da ke cikin Word. Ba zai yi ba. An gina shi a kan tsawon jimla da yawan gaɓoɓin kalmar Turanci, don haka lambar da zai bayar a kan Hausa ba ta nufin komai. Bakin yaran shi ne ma'auninmu.

Laraba, 22 ga Janairu

Yau silaid na 14 kaɗai aka yi, kuma ya cancanci haka domin shi ne zuciyar bitar. Ga yadda yake a kundin manya:

“Domin kare asusun ajiyarka daga masu kutse, wajibi ne ka guji bayyana bayanan sirri kamar PIN, OTP, CVV da BVN ga duk wanda ya kira ka da sunan ma'aikacin banki, domin babu wata cibiyar hada-hadar kuɗi da za ta nemi irin waɗannan bayanai ta waya.”

Jimla ɗaya ce mai kalma 45, da gajerun sunaye huɗu da ba a fassara ba, kuma umarnin da ake son a bi yana can tsakiya a binne. Ga ɗan kasuwa ba laifi, domin ya san kati, ya san lambobi ukun da ke bayansa, wataƙila ma an taɓa cin kuɗinsa. Ga yaro, kusan kowane yanki yana da matsala tasa.

“Asusun ajiyarka” yana magana da mai asusu, yaro kuwa ba shi ba ne, sai ya ji ba da shi ake ba. “Masu kutse” kuma, da muka tambayi 'yan Asabar wa suke gani idan sun ji haka, duk sun kwatanta wani gwani a gaban kwamfuta cikin duhu. Hoton nan yana da illa, domin yana sa yaro ya ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, alhali wanda zai kira wayar mahaifiyarsa mutum ne mai murya mai daɗi da ladabi, kuma ba ya iya komai sai an karanta masa lamba.

Gwaji na farko ya taƙaita komai zuwa “Kada ka ba kowa lambar sirri.” Kalma shida, kowa ya karanta ba tuntuɓe. Amma da muka ce kowane yaro ya bayyana wa ƙaninsa abin da ake nufi, sai aka ga rami biyu. Na farko, “lambar sirri” a wurinsu ita ce wadda ake buɗe waya da ita, ko wadda Baba ke dannawa a wurin mai POS. Lambar da ta shigo yanzu-yanzu ta saƙo ba su ɗauke ta sirri ba, musamman idan mai kiran ya ce shi ya turo ta bisa kuskure. Na biyu ya fi zurfi: “ba wa” a kunnensu yana nufin miƙa abu ko tura shi. Karanta lamba da murya ga wanda ya tambaya, a ganinsu taimako ne, ba bayarwa ba. Yaro ɗaya ya ce ai bai ba shi komai ba, wayar tana hannunsa. Jimlar ta yi gajarta, ta yi sauƙin karatu, amma ba ta hana ainihin abin da ake tsoro ba.

Don haka muka bar umarni, muka kama labarin yadda abin ke faruwa, a silaid uku.

Na farko: “Wayar Mama tana hannunki. Saƙo ya shigo da lambobi shida. Sai wani ya kira.”

Na biyu: “Ya ce daga banki yake. Ya san sunan Mama. Ya ce ki karanta masa lambobin.”

Na uku: “Lambobin nan mabuɗin kuɗin Mama ne. Idan kin karanta masa, kin ba shi mabuɗin. Banki ba ya kira ya tambaye su.”

Jimlar “Ya san sunan Mama” ba ta cikin kundin manya, mu muka ƙara ta. Sanin suna shi ne abin da ke sa yaro ya yarda, don haka gara ya fara jin dabarar a aji. Sunan OTP bai fito ba sai a ƙasan silaid na uku, a ƙaramin layi: “A saƙon za ki ga an rubuta OTP.” Abin ya fara zuwa, sunansa ya biyo baya. CVV da BVN an cire su daga nan gaba ɗaya, saboda abu huɗu a silaid ɗaya yaro ba ya riƙe ko ɗaya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Batun “ka” da “ki”. Kundin manya “ka” ne daga farko har ƙarshe, kuma an ga 'yan mata suna karanta shi kamar wasiƙar da aka rubuta wa wani. Rubuta “ka/ki” yana sa mai karatu a hankali ya tsaya a kowane layi. “Ku” ya haɗa kowa, amma yana sassauta magana, kowa ya ɗauka da na kusa da shi ake. Abin da muka tsayar: labarai biyu, ɗaya da “ki” a kan wayar Mama, ɗaya da “ka” a kan WhatsApp, ƙa'idojin ƙarshe kuma da “ku”.

Labarin WhatsApp ɗin na yaran ne da kansu, ba na iyaye ba. Saƙo yana zuwa daga lambar abokin aji wanda an riga an ƙwace tasa, yana cewa za a sa ka a sabon zauren darasi, ka turo lambobi shida da suka shigo maka. Waɗannan lambobin su ne na rajistar WhatsApp ɗinka a wata wayar. Maganin da muka sa a silaid shi ne hanyar da za a bi a allon waya, kamar yadda take a rubuce, domin fassara ta zai sa yaro ya neme ta ya rasa:

```
Settings > Account > Two-step verification
```

Haka muka yi da duk abin da ake gani a allon waya. Saƙon banki yakan ƙunshi “Do not disclose”, kuma cikin 'yan ƙaramar sakandare shida babu wanda ya san ma'anar kalmar ƙarshe. An sa hoton saƙo na kwaikwayo, babu sunan kowane banki, an zagaye wurin da ja, a gefe an rubuta “Kada ki faɗa wa kowa.”

Kuɗi kuma da alƙaluma za a rubuta su. “Naira dubu arba'in da biyar” tana cin lokaci, ₦45,000 ana gani ake ganewa, domin yaran da Turanci suke lissafi. Wani misali na tsohon kundin ya ce “jaka hamsin”. Dattawan kasuwa sun san jaka ₦200 ce, yaran kuwa sun ɗauka jakar zuba kaya ake nufi. An cire.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An gwada wasan kiran waya, kuma shi ya nuna abin da karatu da murya bai nuna ba. Ɗaya daga cikinmu ya koma bayan ƙofa ya kira wayar da ke hannun yaro, da muryar dattijo, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar Hajiya, sannan ya nemi lambobin. Cikin yara goma sha biyu da suka riga suka ga silaid ukun nan kuma suka bayyana su daidai, biyar sun karanta masa. Da aka tambaye su dalili, amsar kusan ɗaya ce: babba ne, ba su san yadda za su ce masa a'a ba.

Wannan ba laifin yaran ba ne, tarbiyyarsu ce, kuma tarbiyya ce mai kyau da ba ma son darasinmu ya rusa. Kundin manya ya ce “Ka kashe wayar nan take.” Alhaji mai rumfa zai iya. Yarinya 'yar shekara goma sha uku da aka horar kada ta katse babba ba za ta iya ba, kuma idan muka ce ta yi, mun ba ta umarnin da zai faɗi a ranar farko. Abin da take bukata magana ce da za ta fita da ita cikin ladabi. Muka rubuta sabon silaid, kalmomin da za a haddace:

“Baba, ka yi haƙuri, wayar ba tawa ba ce. Mama ta hana ni karanta saƙonta. Za ta je banki da kanta. Sai an jima.”

An auna kowace jimla. Ta farko ta ba shi girmansa. Ta biyu ta ɗora ƙin a kan izinin uwa, wanda babu dattijon kirki da zai ce a tsallake shi. Ta uku ta toshe hanyar “to ba ni ita”, ta kuma guje wa “Mama ba ta nan”, wadda ke sanar da baƙo cewa yaro shi kaɗai ne a gida. Ta huɗu sallama ce, bayanta kashe waya ba rashin kunya ba ne. Mun shirya irinta da Turanci da Burokan a silaid ɗaya, tunda a Legas mai kiran zai iya zuwa da kowanne. Aji zai faɗe ta tare sau biyu, sannan bibbiyu, ɗaya mai kira ɗaya mai amsawa. Wannan kaɗai minti shida ne, don haka silaid biyu na tarihin damfara sun fita don a samar masa wuri.

A Notes an ƙara wa mai gabatarwa layi ɗaya da ba mu yarda a tsallake ba: yaron da ya riga ya karanta lambar ya faɗa wa iyayensa a take, domin a kira banki a rufe katin. Tsohon kundin yana da kalmomi irin “sakaci” da “ganganci”. Babba yana jin su ya gyara. Yaro yana jin su ya ɓoye abin da ya faru don tsoron duka, kuma kowane minti na ɓoyewar kuɗi ne ke fita. An goge su duka.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wani malami da ya duba mana kundin ya tsayar da mu a kan silaid na NIN, kuma da gaskiyarsa. An taƙaita shi zuwa “Kada ku ba kowa NIN ɗinku.” Ga ɗan aji uku na babbar sakandare wannan ba daidai ba ne. Tun 2021 JAMB ba ta rajistar kowa sai da NIN, kuma matakin farko shi ne ɗalibi ya tura kalmar NIN tare da lambobinsa goma sha ɗaya ta saƙo zuwa 55019 ko 66019 don ya karɓi lambar da zai yi rajista da ita. Wannan ne ma lokacinsa. Yaron da aka ce masa kada ya ba kowa, gobe kuma ya ga dole ya bayar, zai yanke cewa sauran darasin ma haka yake.

Irin wannan ɓarnar daga taƙaitawa take fitowa. Jimlar manya tana da “sai dai” da “in ban da”, su ne suka fi saurin faɗuwa idan ana rage kalmomi, kuma su ne ke riƙe da gaskiyar jimlar. Mun koma kan silaid goma sha huɗun da tambaya ɗaya: akwai ranar da yaro zai bi wannan layin ya cutu, ko ya ga ƙarya ne? An sami guda biyu. Na NIN ya zama: “NIN: wurin rajistar da hukuma ta amince da shi, tare da sanin iyaye. Ba ga wanda ya kira ba. Ba a zauren WhatsApp ba.” Ɗayan shi ne “Banki ba ya kira”, wanda wani ya gajarta daga namu na 22 ga Janairu. Banki yana kira, abin da ba ya yi shi ne tambayar lambobin. An mayar da cikakkiyar jimlar.

Daga nan kundin ya rabu biyu. 'Yan ƙaramar sakandare ba sa bukatar JAMB yanzu. 'Yan babba kuma sun nuna gundura da labarin wayar Mama idan aka ja shi, wata ma ta ce kamar ana magana da 'yan firamare. Nasu an bar jimlolin da ɗan tsawo, an bar sunayen OTP da BVN a fili, an ƙara batun aron asusu: wani ya ce ka ba shi lambar asusunka kuɗi su shigo, ka cire ka ba shi, ya ba ka ₦5,000. Silaid ɗin ya ce sunan da ke kan asusun shi za a fara nema idan kuɗin na damfara ne. Shafuka uku na doka, har da sashe na 419 na kundin laifuffuka da dokar laifukan intanet ta 2015, sun koma layi ɗaya a Notes. Hotunan samarin da aka kama tsaye a gaban motoci an cire su, domin a gwaji samarin ajin motocin suka tsaya kallo.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Gwajin ɗaki. Ajin da za a fara da shi yana da yara sama da sittin, tagogi ba labule, majigi a kan farin bango. Rubutu mai girman 18 na tsohon kundin ba ya karantuwa daga benci na ƙarshe. An mayar da girman rubutun bayani 32, na kanu 40, baƙi a kan fari, layi uku ko huɗu a kowane silaid.

A kwamfutar aro, ƙ da ɗ da ɓ sun fito da wani salon harafi dabam da sauran kalmar, domin nau'in rubutun da aka zaɓa ba ya cikinta. Ga mai karatu a hankali wannan ma tuntuɓe ne. An koma Andika, wanda aka tsara domin masu koyon karatu kuma yana da haruffan nan, sannan aka fitar da kwafin PDF don kada komai ya canja a wata na'ura. Wasu sun so a bar ƙugiyoyin tunda yaran ba sa rubuta su a waya. Ba mu yarda ba: “kira” da “ƙira” ba ɗaya ba ne, kuma wannan na iya zama karo na farko da wasunsu za su ga Hausa a rubuce daidai a bangon aji.

Saboda wuta ba ta da tabbas, an buga silaid biyar mafi muhimmanci a takarda A3: uku na wayar Mama, na maganar haddacewa, da na NIN. An maimaita wasan kiran da sababbin yara takwas da ba su ga tsohon kundin ba. Bakwai sun faɗi maganar sun kashe waya. Ɗaya ta faɗe ta daidai, amma da mai kiran ya ce “'Yata, Mamanki ce ta ce in kira ki”, sai ta tsaya tana sauraro. Wannan juyin ba ya cikin silaid, kuma yana bukatar amsarsa, wataƙila “To bari in tambaye ta tukuna, sai an jima.” Za a gwada ta ranar Laraba.

Sauran aiki kafin azumi ya kama: ƙaramar takarda rabin shafi da yaro zai kai gida, domin “Mama ta hana ni” ba ta zama gaskiya sai Mama ta san da maganar ta kuma hana ɗin. Ana shawarar a yi ta da boko a gaba, ajami a baya, a kuma naɗi saƙon murya na minti ɗaya ga iyayen da ba sa karanta ko ɗaya. Kundin 'yan babbar sakandare har yanzu silaid 16 ne, sai an cire biyu.